Daga Rediyo Zuwa Gama: Jerin Igiyoyin Haske, Amfaninsu Da Haɗarinsu

Hasken da ido ke gani ɗan yanki ne na wani babban dangi da masana kimiyya ke kira igiyoyin lantarki da maganaɗisu. Siginar da akwatin rediyo ke kamawa, da wadda wayar salula ke aikawa, da ɗumin da fata ke ji daga garwashi, da abin da ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, duk tushensu ɗaya. Kowannensu ƙarfin lantarki ne da na maganaɗisu suna kaɗawa tare suna tafiya, ba sa buƙatar iska ko ruwa su ɗauke su, kuma a sararin da babu kome gudunsu ɗaya ne: kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. James Clerk Maxwell, ɗan ƙasar Sikotilan, shi ya gano hakan ta hanyar lissafi a shekarar 1865, sannan Heinrich Hertz na Jamus ya samar da igiyoyin rediyo a ɗakin gwaji wajen 1887, ya tabbatar da maganar.

Abin da ya raba 'yan wannan dangi shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tozon igiya ɗaya da na bayanta. Tare da shi akwai yawan kaɗawa, wato tozo nawa ke wucewa a daƙiƙa, wanda ake aunawa da haz. Tun da gudun bai canzawa, in ɗayansu ya ƙaru dole ɗayan ya ragu:

gudu = yawan kaɗawa × tsawon zango

Masu sauraren rediyo sun daɗe da sanin wannan ma'auni. Idan mai gabatarwa ya ce ana iya kama tashar a kan mita 25 a gajeren zango, tsawon igiyar yake faɗa. A raba gudun haske, mita 300,000,000 a daƙiƙa, da 25, za a sami 12,000,000, wato igiyar tana kaɗawa sau miliyan 12 a daƙiƙa, ko megahaz 12. Tashar FM da ke kan megahaz 100 kuwa zangonta mita 3 ne kacal.

Idan aka jera su daga mafi dogon zango zuwa mafi gajarta, sassa bakwai ake samu: rediyo, maikirowef, infirared, hasken da ido ke gani, altirabayolet, eksire, sai gama. Babu katanga a tsakaninsu, kowane yana narkewa ne cikin na gaba, kuma mutane ne suka yanka iyakokin don sauƙin bayani.

Dalilin da haɗari ke bin jerin

Waɗannan igiyoyi ba sa miƙa ƙarfinsu a dunƙule. Suna ba da shi ne ƙunshi-ƙunshi, kuma nauyin kowane ƙunshi ya dogara ne da yawan kaɗawar igiyar kaɗai. Ƙunshin hasken ido yana ɗauke da awo 2 zuwa 3 na ma'aunin da ake kira ilektiron-bolt. Na murhun maikirowef kashi ɗaya ne cikin 100,000 na awo guda. Na eksiren asibiti ya kai dubun dubatar awo, na gama kuma yakan haura miliyan.

Kafin a fizge ilektiron daga jikin atam ana buƙatar awo 10 ko fiye, kuma sai ƙunshi guda ya kawo su duka a lokaci ɗaya. Ko mutum ya yini yana jifan tulu da ƙwayoyin gero ɗai-ɗai ba zai fasa shi ba, amma dutse guda zai fasa. Igiyoyin da ke farkon jerin, komai yawansu, iyakarsu su girgiza sinadaran jiki su haifar da zafi. Daga altirabayolet zuwa sama ne ƙunshin ke da nauyin da zai lalata sinadari, har da zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, wanda lalacewarsa kan zama mafarin ciwon daji. Don haka haɗarin rabin farko ƙuna ne, kuma galibi mutum yakan ji shi ya janye. Haɗarin rabin ƙarshe kuwa ba a jin sa a lokacin da yake aukuwa.

Rediyo da maikirowef

Igiyoyin rediyo su ne mafi tsawo, daga kilomitoci zuwa abin da bai kai mita ɗaya ba. Yadda suke tafiya ya danganta da zangonsu. Na gajeren zango suna hawa sama su tarar da wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki, su dawo ƙasa a nesa, wani lokaci su sake tashi. Da haka shirin da aka watsa daga wata nahiya yake isa rugar da ba ta da eriya kusa. Yanayin wannan sashe yana sauyawa tsakanin dare da rana, shi ya sa tashoshin ƙetare ke ba da mitoci daban don shirin safe da na dare, kuma shi ya sa tashar matsakaicin zango da ba a ji da rana takan fito da daddare. Igiyoyin FM da na talabijin ba sa dawowa, ratsawa suke yi su wuce, saboda haka iyakarsu inda eriya ke hange.

Maikirowef ya kama daga kusan santimita 30 zuwa milimita ɗaya. Wayar salula tana aiki a bakin iyakar sassan biyu, misali a megahaz 900 da 1800. Tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000 yana aiko da hoton talabijin ta wannan sashe, kuma da yake ɗigon ruwa yana sha da warwatsa irin waɗannan igiyoyi, hoto yakan ɗauke idan hadari ya haɗu aka kece da ruwa. Na'urar hango jiragen sama ma da su take aiki: tana aika igiya, ta auna lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo.

Murhun maikirowef yana nuna haɗarin sashen a fili. Yana aiki a megahaz 2,450, zango kusan santimita 12, kuma igiyoyin suna juya ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci gaba da baya har zafi ya tashi. Jikin mutum ruwa ne mafi yawa, don haka zai iya dafuwa haka nan. Abin da ke tsare mai girki shi ne bangon ƙarfe da ragar da ke jikin gilashin ƙofa. Ramukan ragar ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba, igiya mai santimita 12 ba ta iya bi ta ciki, amma hasken ido yana wucewa, shi ya sa ake ganin kwanon yana juyawa. Murhun da ƙofarsa ta lanƙwashe ko ragarsa ta yage bai kamata a kunna shi ba. Masu hawa turakun sadarwa kuma ana rage ƙarfin eriya ko a kashe ta kafin su tsaya a gabanta, domin idon mutum ba ya iya fitar da zafi da sauri.

Game da wayar salula, a 2011 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyinta a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar, rukunin da ake sa abu idan shaidar da ake da ita ba ta da ƙarfi. Ƙunshin igiyar waya, har da na 5G, ya yi ƙanƙanta ƙwarai da ya karya sinadarin jiki.

Infirared da hasken ido

A shekarar 1800 William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafin ya ƙaru. Wannan shi ne infirared. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da shi, kuma jikin mutum yana fitar da nasa a zango kusan kashi ɗaya cikin 100 na milimita. Ma'aunin zafin da aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020 karɓar wannan ɗumi yake yi ya lissafa, ba ya harba kome cikin kai. Rimot na talabijin yana aika umarninsa da infirared, kuma idan aka danna shi a gaban kyamarar waya, a yawancin wayoyi za a ga ɗan ƙwan da ke bakinsa yana walƙiya. Zaren gilashin da ke ɗauke da intanet a ƙarƙashin teku ma infirared ne ke gudu a cikinsa. Haɗarinsa ƙunar fata ne, sai kuma yanar ido ga waɗanda suka shekara suna duban narkakken ƙarfe ko gilashi ba kariya.

Hasken ido ya kama daga nanomita 700, wato ja, zuwa nanomita 400, wato shuɗi mai ratsin ja da ke ƙarshen bakan gizo. Nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da wannan siririn yanki tsiro ke haɗa abincinsa, kuma da shi da ɗan abin da ke maƙwabtaka da shi na infirared farantin sola ke samar da wuta. A asibiti ana kwantar da jaririn da ya kamu da shawara a ƙarƙashin shuɗin haske, domin hasken yana sauya sinadarin da ke sa fata rawaya zuwa wanda jiki ke iya fitarwa, kuma ana rufe idon jaririn yayin hakan. Haɗarin sashen a ido yake. Ƙwayar ido tana tattara haske wuri guda a bayan ido, don haka duban rana kai tsaye, musamman lokacin husufi da hasken ke raguwa har a iya ƙura mata ido, yana ƙona wurin ba tare da an ji ciwo ba. Haka ma tocilan leza mai ƙarfi.

Altirabayolet

Shekara guda bayan Herschel, a 1801, Johann Ritter ya gwada ɗaya ɓangaren. Ya ga wani sinadarin azurfa yana yin baƙi da sauri a gaba da launin ƙarshe na bakan gizo. Daga wannan sashe ne yanayin haɗari ke sauyawa. An kasa shi uku: UVA daga nanomita 400 zuwa 315, UVB daga 315 zuwa 280, da UVC daga 280 zuwa 100. Iskar ozon da ke can sama tana tare UVC na rana gaba ɗaya da mafi yawan UVB.

Ɗan UVB da ke isowa ƙasa shi ke sa fata ta haɗa bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata. Fitilar da ma'aikacin banki ke haska takardar kuɗi da ita UVA take fitarwa, tana sa wasu ɓoyayyun alamomi su yi ƙyalli. Fitilun UVC kuwa ana kashe ƙwayoyin cuta da su a ruwan sha da ɗakunan tiyata, domin suna lalata zaren gadon ƙwayar cutar ta kasa hayayyafa. Ko hasken rana yana wannan aiki: ruwan da ba shi da laka, idan aka zuba a gorar roba garai-garai aka shanya a rana tsawon sa'o'i shida, yawancin ƙwayoyin gudawa da ke ciki suna mutuwa.

Abin da ke kashe ƙwayar cuta shi ne kuma ke cutar da mutum. Mai walda da ya yi aiki ba gilashin kariya, ko yaron shagon da ya tsaya yana kallon tartsatsin, ba ya jin kome a lokacin. Sai bayan sa'o'i shida zuwa goma sha biyu, yawanci cikin dare, idon ya yi ja, hawaye su riƙa zuba, ya riƙa jin yashi a ciki, ya kasa duban fitila. Fatar gaban ido ce ta ƙone. Takan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, amma baƙin tabarau na kwalliya ba ya maye gurbin gilashin walda, kuma zuba wa idon wani abin da ba likita ya bayar ba yana ƙara ɓarna.

A fata, sinadarin da ke ba ta duhu shi ne garkuwarta, yana shanye altirabayolet kafin ya kai ga zaren gado. Zabiya ba su da shi, ko suna da kaɗan, shi ya sa ciwon dajin fata yake yi musu ɓarna sosai a ƙasashen da rana ke da ƙarfi, tun suna matasa. Malfa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kariyar rana, da guje wa ranar tsaka, su ne rigakafinsu, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a fuska, kunne ko wuya ya kamata likita ya duba shi da wuri. Masu shafa man bilicin ma suna rage wannan garkuwa da hannunsu. Shekaru na shan rana ba kariya suna kuma gaggauta yanar ido.

Eksire

Wilhelm Röntgen ya gano eksire a garin Würzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba, 1895, kuma cikin makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito. Shi aka fara ba kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1901. Zangon eksire ya kai ƙanƙantar atam. Yana ratsa tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi, da yake yana da sinadarin kalsiyam, yana tare shi, sai inuwarsa ta fito fari a hoto. Da shi ake ganin karaya, da tabon tarin fuka a huhu, da abin da yaro ya haɗiya, da kayan da ke cikin jaka a filin jirgi.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. Kowane mutum yana shan kusan 2.4 a shekara daga ƙasa, duwatsu, abinci da sararin sama, ko da bai taɓa shiga asibiti ba. Hoton ƙirji guda bai wuce 0.1 ba, daidai da abin da ake sha cikin mako biyu na zaman yau da kullum. Hoton CT na ciki kuwa, wanda na'ura ke zagaya jiki tana ɗauka ta kowace kusurwa, yakan kai 8 zuwa 10, wato na shekara uku ko huɗu. Wanda ya ƙi hoton ƙirji saboda tsoro alhali ana zargin tarin fuka ya zaɓi haɗarin da ya fi girma nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake yawo daga asibiti zuwa asibiti ana maimaita masa CT ba tare da ya nuna na baya ba yana tara abin da bai zama dole ba.

Ma'aikacin da ke ɗaukar hoton yana komawa bayan bango mai dalma ne saboda shi kullum yana wurin, kuma yana rataye da ɗan ma'aunin da ke ƙirga abin da ya sha. Mace mai juna biyu, ko wadda take zaton tana da shi, ya kamata ta faɗa kafin a ɗauka, domin ƙwayoyin halittar da ke rabuwa da sauri su suka fi saurin lalacewa. Sikanin da ake yi wa masu ciki ba eksire ba ne, da sauti yake aiki, kuma ba ya cikin wannan jeri sam.

Gama

Gama shi ne ƙarshen jerin. Paul Villard na Faransa ya gano shi a 1900. Zangonsa yakan haɗu da na eksire, kuma abin da ya fi bambanta su shi ne mafita: eksire daga na'ura yake fitowa, da an kashe wuta ya tsaya, gama kuwa daga cibiyar atam na wasu sinadarai yake fita, irin su kobal-60 da siziyom-137, kuma babu makunnin da ke kashe shi. Sai dai ya ragu da kansa. Ƙarfin kobal-60 yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, na siziyom-137 kuwa sai bayan shekara 30.

Ana amfani da shi wajen gashin ciwon daji. Ana auna ƙarin daga kusurwoyi daban-daban, ta yadda igiyoyin za su haɗu a kansa, lafiyayyen naman da ke kewaye ya sha kaɗan. Ana kuma kashe ƙwayoyin cuta da shi a sirinji da safar hannu bayan an riga an rufe su a leda, ana duba waldar bututun mai da shi, kuma abin da aka haska da gama ta wannan hanya ba ya komawa mai fitar da shi. A Najeriya, Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ce ke ba da lasisin mallakar irin waɗannan sinadarai.

Abin da ke faruwa idan sinadarin ya kuɓuce ya bayyana a garin Goiânia na Burazil a watan Satumba na 1987. Wasu mutum biyu masu tsintar ƙarafa sun shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka kwance kan na'urar gashin ciwon daji, suka huda kwanson da ke ɗauke da garin siziyom-137, suka sayar wa mai sayen gwangwan. Shi kuma da ya ga garin yana shuɗin ƙyalli a duhu, ya kai gida ya rarraba wa dangi da abokai. Da amai da gudawa suka fara, an ɗauka gurɓataccen abinci ne. Sai bayan kusan mako biyu matarsa ta lura cewa rashin lafiyar ta biyo ƙarfen ne, ta sa shi a jaka ta kai wa jami'an lafiya. Mutum huɗu suka rasu, har da ita da wata yarinya 'yar shekara shida, an sami sinadarin a jikin mutum 249, an duba fiye da 100,000, kuma sai da aka rushe gidaje.

Kariya daga gama tana kan abu uku: rage lokaci, ƙara nisa, da sa shinge mai kauri na dalma ko kankare. Nisa yana aiki fiye da yadda ake zato, domin idan aka ninka shi biyu abin da ake sha yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda zai sha awo 100 a nisan mita ɗaya, 25 zai sha a mita biyu, ɗaya kacal a mita goma. Kwanson irin waɗannan sinadarai yakan yi nauyin da ya wuce girmansa saboda dalmar da ke ciki, kuma yakan ɗauki alama mai fukafukai uku kewaye da ɗigo, baƙa ko ja a kan rawaya. Mai sana'ar gwangwan da ya ci karo da irinsa bai kamata ya fasa shi ko ya ɗauke shi ba. Abin yi shi ne a janye mutane nesa, a sanar da hukuma, kuma duk wanda ya riga ya taɓa shi ya gaya wa likita, musamman idan amai ko ƙunar fata ba tare da wuta ba suka biyo baya.